Na sayi gidan burodi da kuɗin da ya fi kayan cikinsa, ina zan rubuta rarar?

Tambaya: Salam. Kamfaninmu ya sayi wani gidan burodi da ke aiki a nan Kano kan naira miliyan 80. Da akanta ya ƙiyasta kayan wurin ya cire basussukan da muka gada sai ya ce miliyan 58 ne kawai. To wannan miliyan 22 ɗin fa, asara ce muka tafka ko yaya? Kuma a ina za mu sa ta a littafi?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a cinikin. Ba asara ba ce, aƙalla dai ba a ranar da kuka saya ba. A lissafin akanta sunanta gudwil, kuma a ɓangaren kadara take zama a takardar kadara da bashi ta kamfani, ba a ɓangaren riba da asara ba. Amma don Allah kar ka yi saurin cewa akanta ya rubuta 22 ɗin nan a wuce, domin ni a ganina da wuya ta zama ita ce lambar ƙarshe. Gudwil ba abu ba ne da ake zuwa a duba a yi masa kuɗi kamar janareta, abin da ya rage ne bayan an gama yi wa komai kuɗi, don haka duk kuskuren da aka yi a wajen ƙiyasta gini ko fulawa ko bashi, a cikinta yake tarewa ya ɓuya. Aikin gaba ɗaya yana wajen tabbatar da 58 ɗin ne.

Kafin ma a taɓa lissafi akwai abu ɗaya da sai an warware, me kuka saya takamaimai? In gidan burodin nan sunan kasuwanci ne kawai mai shi ya yi wa rajista a CAC, ba limited ba, to a doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne, ba shi da hannun jarin da zai sayar muku, abin da kuka saya shi ne gini da injina da kaya da suna da kwastomomi kai tsaye. A nan kayan duka za su shigo littafin kamfaninku ɗaya bayan ɗaya, gudwil ɗin ma ta shigo tare da su. Amma in limited ne kuma hannun jarinsa kuka saya, to a littafin kamfaninku layi ɗaya ne kacal zai fito, jarin da aka zuba a ƙaramin kamfani miliyan 80, babu wata gudwil a wurin. Sai ranar da aka zo haɗa lissafin uwar kamfani da na ƙaramin a matsayin rukuni ɗaya sannan take bayyana, shi kuma gidan burodin yana ci gaba da riƙe tsohon littafinsa yadda yake. Mutane da yawa suna rikita biyun nan, ka ga an sayi hannun jari amma an je an cusa gudwil a littafin kamfanin da aka saya, alhali ƙa'idar lissafi ta duniya, wato IFRS, ba ta tanadi haka ba. Daga yadda ka yi maganar basussukan da kuka gada zan ɗauka na farkon ne, a kansa zan yi bayani.

Tunda ba ka turo jerin da akantan ya yi ba bari in ƙaddara wani da zai tashi 58, kai kuma sai ka ɗora naka a kai. Fili da gini miliyan 30, tanda da injin kwaɓa fulawa da na murzawa da na yanka miliyan 16, janareta da motocin rabo guda biyu miliyan 11, fulawa da sukari da bota da yis da leda da ke sito miliyan 6, bashin da ake bin masu shayi da masu shaguna miliyan 3. In ka haɗa 66 kenan. Sai bashin da ke kan gidan, dilan fulawa yana bin miliyan 6, albashin da ba a biya ba da kuɗin wuta miliyan 2, 8 kenan, ka cire daga 66 saura 58.

Tambayar da zan yi wa akantan ita ce daga ina ya samo kowace lamba. Abin da ƙa'ida take so shi ne farashin da kayan zai yi a kasuwa a ranar da wurin ya dawo hannunku, tsakanin mai saye da mai sayarwa da ba wanda aka matsa wa. Ba farashin da ke rubuce a littafin tsohon mai shi ba, kuma ba kuɗin da za a sayo sabo fil ba. Gini ne ya fi nuna wannan, mutum ya sayi fili shekaru goma sha biyar da suka wuce ya gina, a littafinsa wataƙila miliyan 12 yake, amma yau unguwar ta cika, 30 ake magana. In akanta ya kwafo 12 ɗin kawai to ya kumbura gudwil da miliyan 18 ba gaira ba dalili. Shi ya sa a kan gini ake kiran mai ƙiyasta kadara mai lasisi ya ba da rahoto a rubuce, ba a dogara da ƙiyasin dillalin unguwa. Injina kuma suna iya tafiya ta kowane ɓangare, wani a littafi yana da daraja amma a zahiri kullum makaniki yana kansa, wani kuma an gama zaftare shi a littafi har ya koma sifili alhali yana aiki lafiya, kuma da yadda dala ta tashi na hannu irinsa ma ya yi tsada.

Wurin da na fi so ka sa ido da kanka shi ne sito da littafin bashi. A sito kar a tsaya ƙirga buhu daga bakin ƙofa, a sa yara su sauke layin baya da ke jingine da bango, a nan ake samun fulawar da ta sha danshi ta dunƙule ko ƙwari suka shiga, a duba kwanan watan da ke jikin katan ɗin yis, a kuma duba ledar da aka buga da tsohon farashi ko tsohuwar lambar waya wadda ba za ku iya amfani da ita ba. Duk wannan a jerin mai sayarwa kaya ne, a wurinku shara ne. Littafin bashi kuma ka karɓe shi a hannunka ka bi shi shafi shafi. Za ka ga mai shayi da ke karɓar burodi kullum da yamma yana biyan na jiya, wannan bashinsa kuɗi ne a hannu. Za ka kuma ga shafin da aka daina rubutu a kansa tun watanni takwas, an ja layi an bar dubu ɗari biyu a ƙasa, ka tambayi direban rabo sai ya ce ai wannan ya tashi daga tashar tun bara. In jimillar littafin miliyan 5 ce amma abin da ake sa ran zai dawo 3 ne, to 3 ake rubutawa, shi ya sa na sa 3 a misalina.

To yanzu mu zo kan abin da akasari ake mantawa, wato kadarorin da ba a taɓa su da hannu amma ana iya ware su. Ƙa'idar ita ce duk abin da ya samo asali daga kwangila ko wani haƙƙi na doka, ko kuma ana iya cire shi a sayar da shi shi kaɗai, to ba a barin sa cikin gudwil, a fito da shi ake a yi masa kuɗi daban. Sunan burodin da tambarin da ke jikin leda in an yi masa rajista yana cikin wannan. Haka in akwai rubutacciyar yarjejeniya ta kai wa wata makarantar kwana burodi na shekara biyu, wannan ma kadara ce mai zaman kanta, domin ana iya lissafa ribar da za ta kawo kuma an san ranar da za ta ƙare. Mu ce an yi wa suna da kwangilar kuɗi sun tashi miliyan 4, to kadara bayan cire bashi ta koma 62, gudwil ta sauko 18. Za ka iya cewa to meye amfanin wannan wahalar tunda duk a ɓangaren kadara suke, amfanin shi ne kwangilar shekara biyu dole a gama zaftare ta cikin shekara biyu, in aka bar ta cikin gudwil sai ta ci gaba da zama a littafi bayan makarantar ta daɗe da komawa wani gidan burodin. Amma ƙwararrun ma'aikata, irin babban mai gashi da ya san hannun tanda da yaran da suka iya kwaɓi, waɗannan ba a ware su, domin ba mallakinku ba ne, ko gobe suna iya ajiye aiki, darajarsu a cikin gudwil take zama.

Sai bashin da ba a faɗa muku ba, wanda kusan kullum sai an samu. Misali bayan wata biyar takarda ta zo cewa akwai harajin albashin ma'aikata da aka cire ba a kai ba, ko wani dilan sukari ya zo da rasit ɗinsa na tun kafin ku karɓi wurin, kuma yarjejeniyarku ta ce kun ɗauki duk bashin gidan. A ce miliyan 2 ne. Ƙa'ida ta ba ku har wata 12 daga ranar saye ku gyara lissafin farko, da sharaɗin abin da aka gano ɗin ya riga ya wanzu a ranar sayen, saninsa ne kawai ba ku yi ba. Don haka bashi ya koma 10, kadara bayan cire bashi ta koma 60, gudwil ta hau 20. Amma a lura, in janareta ne ya ƙone a wata na biyar wannan ba ya shiga, abu ne da ya faru a hannunku, asarar shekarar ce. In kuma wata 12 sun wuce ƙofar ta rufe, abin da ya ɓullo daga baya riba da asara yake tafiya. Kuma ba shakka kafin ku haɗiye miliyan 2 ɗin nan lauyanku ya duba ko akwai sharaɗin da ya ce mai sayarwa ne zai biya duk bashin da ya ɓoye, in akwai to ku bi shi.

Ga yadda shigarwar za ta kasance a ƙarshe, a miliyoyin naira:

Debit: fili da gini 30, tanda da injina 16, janareta da motoci 11, kayan sito 6, bashin da ake bin kwastomomi 3, suna da kwangila 4, gudwil 20. Jimilla 90.

Kiredit: dilan fulawa 6, albashi da wuta 2, bashin da aka gano daga baya 2, banki 80. Jimilla 90.

Shi kansa 80 ɗin ma a duba shi. In duka kuka biya a take shikenan. Amma in an yi da ku cewa miliyan 20 daga ciki sai bayan shekara guda, to miliyan 20 ta baɗi ba daidai take da ta yau ba, ana dawo da ita darajar yau, in an yi amfani da kashi 25 cikin ɗari sai ta zama 16, ke nan farashin sayen 76 ne a littafi kuma gudwil ta ragu da 4. Haka in akwai alƙawarin ƙara wa mai shi wani abu idan ciniki ya kai kaza, shi ma yana shiga lissafin farashi. Kuɗin lauya da na mai ƙiyasi da la'adar dillali kuwa, a babbar ƙa'ida wato IFRS 3 ba a ɗora su kan gudwil, kashe kuɗi ne na shekarar. A ƙa'idar ƙananan kamfanoni, IFRS for SMEs, bugun 2015 yana haɗa su cikin kuɗin saye, amma sabon bugun da ya fito a 2025 wanda zai fara aiki a 2027 ya koma irin na babbar. Sai akantanku ya faɗa muku wacce kuke bi.

Wannan maganar ta wacce ƙa'ida kuke bi ita ce kuma za ta yanke abin da zai faru da gudwil ɗin a shekarun gaba. Najeriya ta fara bin IFRS a 2012 da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, sauran suka biyo baya. A babbar ƙa'idar tun 2004 aka daina zaftare gudwil shekara shekara, tana zaune yadda take, amma dole duk shekara a gwada ta a gani ko darajarta ta faɗi, ko da kuwa ba a ga alamar matsala ba, wannan gwajin a ƙa'idar IAS 36 yake. A ta ƙananan kamfanoni kuwa, wadda nake kyautata zaton ita ta shafe ku, zaftarewa ake a hankali bisa tsawon shekarun da ake ganin za ta yi amfani, in ba a iya ƙiyasta shekarun da tabbaci ba to kar su wuce 10. Miliyan 20 a shekara 10, miliyan 2 kenan duk shekara za ta riƙa fita daga ribar da kuke nunawa. Ba kuɗi ne ke fita daga akawun ɗin banki ba, kuɗin sun riga sun fita ranar saye, littafi ne ke raba nauyin a kan shekarun da kuke cin moriyar abin. Ni dai ra'ayina a kan gidan burodi shekara 10 ta yi yawa, masu shayi ba su da wata yarjejeniya da ku, wanda ya ƙara musu ribar naira hamsin a kan kowane burodi ko ya ɗaga musu ƙafa a bashi shi za su bi, da ni ne 5 ko 6 zan ba da shawara, ko da ribar za ta ɗan yi ƙasa a takarda. Kuma kar a ɗauka zaftarewar nan kai tsaye tana rage haraji, lissafin haraji yana da nasa dokokin daban da na littafin kamfani.

Gwajin faɗuwar daraja kuma ga yadda yake tafiya. Gudwil ba ta kawo kuɗi ita kaɗai, don haka ba a gwada ta ita kaɗai, gidan burodin gaba ɗaya ake ɗauka a matsayin abu guda. A ce bayan shekara biyu an zaftare 4 saura 16, sauran kadarorin bayan cire bashi suna 56 a littafi, jimilla 72. A cikin wannan lokacin babban mai gashi ya tafi, wani sabon gida ya buɗe a layin baya, buhun da kuke kwaɓawa a rana ya sauko daga 40 zuwa 25. Sai a tambayi abu biyu, nawa za a samu in aka sayar da wurin yau bayan cire kuɗin sayarwa, kuma nawa ne darajar yau ta kuɗin da zai kawo in aka ci gaba da gudanar da shi, a ɗauki wanda ya fi yawa a cikin biyun. In ya tashi 62, to littafi ya fi gaskiya da 10, kuma wannan 10 ɗin gudwil ce take fara shanye ta kafin a taɓa gini ko inji, sai ta sauko daga 16 zuwa 6, a rubuta asarar miliyan 10 a wannan shekarar. Kuma in aka rage ta an rage kenan, ko da baɗi ciniki ya dawo har ya fi na da ba a mayar da ita, domin ana ɗaukar sabon cinikin a matsayin sunan da ku kuka gina da hannunku, shi kuma irin wannan ba a rubuta shi a littafi sam. Dalilin kenan da ya sa tsohon mai gidan bai taɓa samun gudwil a littafinsa ba duk da shekarun da ya yi yana tara kwastomomi, sai da aka samu wanda ya zaro kuɗi ya biya sannan ta samu lamba. Manyan kamfanoni ma wannan gwajin ne ke tona su, AOL Time Warner a Amurka ta bayyana asarar kusan dala biliyan 99 a 2002, mafi yawanta daga rage gudwil ɗin haɗewar da suka yi ne.

Yanzu abin da na san shi ne ainihin damuwarka, ko an yi muku tsada. Littafi ba zai faɗa maka ba a ranar farko, domin duk rarar da aka biya, ta hankali ce ko ta zumuɗi, suna ɗaya ake ba ta. Amma akwai lissafi mai sauƙi da za ka yi da kanka. Kadarar miliyan 60, in mutum ya zuba ta a sabon gidan burodi da ba wanda ya san shi, a ce abin da ya kamata ta kawo kashi 20 cikin ɗari ne, miliyan 12 a shekara. In gidan da kuka saya yana kawo 17, to rarar 5 ɗin nan ita kuka saya da miliyan 20, wato kun biya kuɗin shekara huɗu, in kwastomomin suka zauna ciniki ne mai ma'ana. In kuma 12 ko 13 yake kawowa to gaskiya babu wata gudwil ta a zo a gani, da kun gina naku da kun samu kusan haka, kuma gara a sani tun yanzu. Wajen fitar da ribar nan akwai tarko guda, yawancin masu irin wannan sana'ar ba sa yanka wa kansu albashi, mai gida shi ne manaja shi ne kashiya, ɗansa ne ke tuƙa mota ɗaya, ƙaninsa ne a sito. Ku kuwa duk sai kun ɗauki ma'aikata kun biya, don haka a cire waɗannan albashin tukuna kafin a kira abin da ya rage riba. Kuma kar a yarda da cinikin baki, a bi rasit ɗin dilan fulawa na shekara guda, domin buhun da ya shiga shi ke nuna burodin da ya fita, a haɗa da bayanan banki da na POS a ga ko sun yi kusa da juna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan cinikin a wajenmu shi ne sau da yawa kwastomomin ba na gidan ba ne, na mutumin ne. Mai shayi yana karɓa a wurin ne saboda Alhaji wane ya je sunan ɗansa, ya yafe masa bashi lokacin da aka tashe su daga bakin titi, dilan fulawa yana ba da tirela bashi ne saboda amanar shekara ashirin da ke tsakaninsu. Wannan ba ya bin takardar ciniki. In mutumin ya karɓi miliyan 80 ɗinsa ya je ya buɗe wani gidan a unguwar gaba, to gudwil ɗin da kuka biya ta bi shi, ku an bar ku da lamba a littafi. In ba a sa a yarjejeniya ba, har yanzu bai ɓaci ba a zauna da shi a rubuta cewa ba zai buɗe irin wannan sana'ar a kusa ba na wasu shekaru masu ma'ana, lauya ya tsara iyakar wuri da lokaci yadda kotu za ta karɓa, sannan a roƙe shi ya zauna da ku wata uku zuwa shida yana zagayawa da sabon manaja wajen manyan kwastomomi da diloli yana gabatar da shi da bakinsa. Babban mai gashi da direbobin rabo kuma a kyautata musu tun yanzu, direban nan shi ya san wane mai shayi ne ke son a kawo masa kafin la'asar da wanda sai bayan magariba. A kuma bi takardun NAFDAC da rajistar tambari a tabbatar an mayar da su yadda ya dace da sabon mai wurin, kar ku biya kuɗin sunan da har yanzu a takarda na wani ne.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun kafin ka je neman rance ko shigo da abokin tarayya, banki bai cika karɓar gudwil a matsayin jingina ba, masu duba takardun rance ma sukan cire ta gaba ɗaya su kalli abin da ya rage, wato a idonsu 60 kuke da ita ko ma 56 in sun cire suna da kwangila, ba 80 ba. Odita kuma in ya zo ba lambar zai tsaya kallo ba, takardun da suka haife ta zai nema. Don haka tun yanzu a buɗe fayil guda a sa yarjejeniyar saye, shaidar biyan kuɗi, rahoton mai ƙiyasta gini da injina, takardar ƙirgar sito ta ranar karɓa da sa hannun ɓangarorin biyu, jerin masu bashi da bayanin dalilin da ya sa aka rage 5 zuwa 3, da ɗan rubutu na shafi ɗaya da ke bayyana dalilin zaɓar shekarun zaftarewa. Sannan daga wannan watan a riƙa rubuta buhun da ake kwaɓawa kullum da adadin kwastomomin da ke cikin tsohon littafi waɗanda har yanzu suke karɓa, da waɗannan lambobin biyu za a yi gwajin ƙarshen shekara.